Dalilin da ya sa randa da eya kula suka fi sanyi a busasshiyar iska

Duk gidan da ke da randa ya san cewa ruwanta ba ya zama da sanyi iri ɗaya a tsawon shekara. A watan Maris, lokacin da rana ke ƙuna har kwalta na narkewa, mutum zai ɗebi ruwa da moɗa ya ji shi da sanyi har cikin haƙora. A watan Agusta kuwa, da gari ya yi luf ana ta ruwan sama, ruwan randar nan ɗumi-ɗumi yake zama, da ƙyar ake bambanta shi da na bokiti.

Haka nan masu na'urar sanyaya ɗaki mai shan ruwa, wadda 'yan kasuwa ke kira eya kula, suke kokawa. Na'urar da ta sanyaya shago a bazara, damina na sauka sai ta koma hura iska mai nauyi, jiki na danƙo, kaya na warin danshi. Da yawa sukan kira mai gyara, wasu su zargi wanda ya sayar musu. Galibi kuwa lafiyarta ƙalau. Iskar gari ce ta sauya, kuma da randa da eya kula duk a hannun iska suke.

Inda sanyin yake fitowa

Randa ba ta da wuta, ba ta da ƙanƙara. Abin da take da shi ƙananan ƙofofi ne a jikin yumɓun da aka gasa, waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana nasowa ta cikinsu a hankali ya jiƙa bayan randar, iska ta busar da shi. A wannan bushewar sanyin yake.

Ruwa ba ya rikiɗa ya zama tururi sai ya samu zafi. A kan murhu, wuta ce ke ba shi. A jikin randa kuwa babu wuta, don haka sai ya ƙwaci zafin daga abin da ke kusa da shi, wato yumɓun da ruwan da ke ciki. Kowane ɗigo da ya bushe ya tafi da rabonsa na zafi, abin da ya rage a randar ya ƙara sanyi. Hikimar gumi ke nan a jikin ɗan Adam, ita ce kuma ta salkar da matafiya ke ratayawa a jikin raƙumi ko mota.

Zafin da ruwa ke kwashewa yayin bushewa yana da yawan gaske. Masana suna auna zafi da ma'aunin kilojul. Kafin a sauko da zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, sai an cire mata kilojul 4.2. Amma lita ɗaya da ta bushe takan tafi da kimanin kilojul 2,400. Idan randa na ɗauke da lita 20, sai kofi guda, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, ya naso ya bushe, ya tafi da kilojul 480. Wannan ya isa ya sauko da ruwan randar baki ɗaya da kusan digiri shida, in da wani zafin ba ya shigowa daga waje. Asarar kofi ɗaya ta sayo sanyin lita ashirin.

Eya kula wannan dabarar ta ɗauka ta ƙara mata sauri. A cikinta akwai tanki, da ƙaramin famfo mai ɗaga ruwa yana kwararo shi a kan wani soso mai ramuka kamar saƙar zuma, da fanka mai jawo iskar waje ta ratsa jiƙaƙƙen soson. Ruwan yana bushewa da zafin da ya karɓa daga iskar, sai ta fito ta gaba da sanyi da kuma ɗan danshi.

Ƙishirwar iska

Tunda bushewar ruwa ce tushen sanyin, tambayar da ta rage ita ce: wa ke karɓar tururin? Iska ce, kuma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. A bakin kowane jiƙaƙƙen abu, ƙwayoyin ruwa suna tashi zuwa cikin iska, wasu kuma suna dawowa daga iska su sauka. Idan iskar busasshiya ce, masu tashi sun fi masu dawowa nesa ba kusa ba, abu ya bushe da wuri. Idan ta riga ta cika da tururi, masu dawowa sukan kusan kai yawan masu tashi, sai bushewa ta tsaya cik. Wannan ne ya sa shanya ke bushewa cikin sa'a guda da hunturu, amma ta kwana biyu a igiya da marka.

Iyakar ta danganta ga zafin iskar. A ɗauki iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, tururin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. A digiri 30 ya kai giram 30, a digiri 40 kuma ya kai giram 51. Idan masu hasashen yanayi suka ce danshin iska kashi 15 cikin 100 ne, suna nufin kashi 15 kacal na wannan iyakar ta ɗauka, sauran gurbin fanko ne. Wannan gurbi shi za a iya kira ƙishirwar iska.

A kwatanta ranaku biyu. Da azahar ɗin ƙarshen Maris a Sakkwato ko Maiduguri, zafi na iya kai wa digiri 40, danshi kuma kashi 15. Kowane akwatin iska na ɗauke da giram takwas cikin 51 da zai iya ɗauka. A ranar damina da aka kwana ana ruwa, zafi digiri 30 ne, danshi kashi 80, wato giram 24 cikin 30, saura gurbin giram shida kawai. Iskar farko tana shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga sahara, ta biyu kuwa ta ƙoshi, kurɓa kawai take yi.

Abin da ke kawo wannan sauyin a ƙasar Hausa iskoki biyu ne. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce ke kaɗowa daga Sahara, busasshiya ƙayau. Daga nan sai iskar kudu maso yamma ta fara turowa daga Tekun Atlantika ɗauke da tururi, tana haurowa arewa sannu a hankali. Takan isa Abuja kafin Kano, ta isa Kano kafin Damagaram. Kuma takan riga ruwan sama isowa da makonni, shi ya sa a watan Mayu ake fama da zafi mai haɗe da gumi tun kafin damina ta kankama. A nan masu eya kula suke fara lura cewa na'urarsu ta rage ƙarfi.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Danshi bai tsaya ga rage saurin bushewa ba, shi ne kuma ke yanke matakin sanyin da ba za a iya wucewa ba. Yayin da jiƙaƙƙen abu ke ƙara sanyi, ƙwayoyin ruwan da ke tashi daga jikinsa suna raguwa, zafin da iskar waje ke turo masa kuma yana ƙaruwa. A wani mataki zafin da ke shiga da wanda ke fita sukan yi kunnen doki, sanyin ya tsaya a nan, ko da an ƙara ruwa, ko da an ƙara ƙarfin fanka.

Ana iya auna wannan mataki a gida. A samu ma'aunin zafi guda biyu irin na bango. A naɗe kan ɗaya da ƙyallen auduga da aka jiƙa, a bar ɗayan haka nan, a ajiye su a inuwa gaban fanka na minti biyar. Busasshen zai nuna zafin iskar, jiƙaƙƙen kuma zai sauka ya tsaya a wani wuri. Inda ya tsaya shi ne iyakar sanyin da randa ko eya kula za su iya kaiwa a wannan iskar. Masu nazarin yanayi sun daɗe suna auna danshi da wannan hanya.

A ranar Maris mai digiri 40 da danshi kashi 15, jiƙaƙƙen ma'aunin yakan tsaya a wajen digiri 20, tazarar digiri 20 ke nan. A ranar Mayu mai digiri 36 da danshi kashi 45, yakan tsaya a 26, tazara ta koma 10. A ranar Agusta mai digiri 30 da danshi kashi 80, yakan tsaya a 27, tazarar digiri uku kacal. Abin lura shi ne, ranar da ta fi zafi ita ce ta fi ba da damar sanyi, domin ita ce ta fi bushewa.

Lissafin shago guda

A ɗauki ɗan kasuwa a Kano mai matsakaiciyar eya kula, wadda fankarta ke tura akwatin iska 1,000 a sa'a. Babu na'urar da ke cinye tazarar nan gaba ɗaya, domin wata iskar takan ratsa soson ba tare da ta taɓa ruwa sosai ba. Mai soso mai kauri da ya jiƙu ko'ina takan ci kamar kashi uku cikin huɗu, don haka da shi za a yi lissafin.

A Maris, kashi uku cikin huɗu na digiri 20 shi ne 15. Iska ta shiga da digiri 40 ta fito da 25. Wannan sanyi ne da kowa zai ji tun daga bakin ƙofa. A Mayu, kashi uku cikin huɗu na 10 shi ne bakwai da rabi, iska ta shiga da 36 ta fito da 28 da rabi. Da sauƙi, amma ba kamar da ba. A Agusta, iska ta shiga da 30 ta fito da wajen 28, kuma danshinta ya haura kashi 90.

Tankin ruwan ma yana ba da labarin. Kafin a sauko da wannan iskar da digiri 15, sai an cire mata kimanin kilojul 16,500 a kowace sa'a, wanda ke buƙatar bushewar kusan lita bakwai. Tanki mai lita 40 ba zai wuce sa'a shida ba. A Agusta kuwa lita ɗaya ce ke bushewa a sa'a, tankin ya yi kwanaki bai ƙare ba. Saboda haka mai ƙorafin cewa na'urarsa na shan ruwa da yawa a bazara ya sani cewa ruwan da ta sha shi ne sanyin da ta ba shi. Ranar da ya ga tanki ba ya raguwa, ranar ce ta daina aiki, ko dai don iska ta ƙoshi, ko don famfon ya tsaya.

Bambance waɗannan biyun ba shi da wuya. A buɗe bayan na'urar a taɓa soson. Idan a bushe yake, ko rabinsa ne kawai ya jiƙu, matsalar famfo ce ko toshewar ramukan da ke rarraba ruwa, kuma mai gyara zai yi amfani. Idan ya jiƙu sharkaf amma iskar ba ta da sanyi, yanayi ne, babu abin da makaniki zai iya.

Akwai kuma dalilin da ya sa jiki ke jin abin ya fi lissafin muni. Jikin mutum da gumi yake sanyaya kansa, gumin kuma sai ya bushe yake amfani. Iskar da ta ragu da digiri biyu amma danshinta ya kusan cika takan hana gumi bushewa, sai mutum ya fi jin takura fiye da kafin a kunna na'urar. A irin wannan rana gara a kashe famfon a bar fankar kaɗai. Wannan ne kuma ya sa eya kula ba ta da wani tasiri a Legas ko Fatakwal kusan duk shekara.

Rufe ɗaki da zuba ƙanƙara

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar eya kula kamar eyakwandishan, a rufe ƙofa da taga don kada sanyi ya fita. Ayyukan na'urorin biyu sun saɓa. Eyakwandishan tatse ruwa take yi daga iskar ɗaki, shi ne wanda ake gani yana ɗiga ta bututu a waje, don haka rufaffen ɗaki take so, kuma tana aiki ko da damina. Eya kula kuwa zuba wa iska ruwa take yi.

Ɗaki mai mita huɗu a tsaye, huɗu a kwance da uku a sama yana ɗauke da akwatin iska 48. Ko a tsakiyar bazara, ruwan da bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba ya isa ya ƙosar da wannan iskar. Na'urar da ke busar da lita bakwai a sa'a za ta yi hakan cikin ɗan lokaci, daga nan ta ci gaba da juya iskar da ta riga ta ƙoshi. Mai ɗakin ya ƙirƙiro wa kansa damina a cikin Maris. Daidai shi ne a ajiye na'urar a bakin taga ko ƙofa, bayanta na fuskantar waje don ta jawo sabuwar busasshiyar iska, sannan a bar wata taga a buɗe a ɗaya ɓangaren don mai danshin ta fice.

Zuba ƙanƙara a tanki ma amfaninsa kaɗan ne. Kilo ɗaya na ƙanƙara, daga narkewarsa har ruwan ya yi ɗumi, bai kwashe fiye da kilojul 450 ba, alhali na'urar na kwashe 16,500 a sa'a a ranar Maris ta hanyar bushewar ruwa kawai. Aikin ƙasa da minti biyu ke nan. Kuɗin ƙanƙarar ya fi amfani in aka sauya tsohon soso, musamman inda ake amfani da ruwan rijiyar burtsatse mai barin farin gishiri da ke toshe ramukan. Ya kamata kuma a riƙa zubar da ruwan tankin ana wanke shi duk mako, don kada ya zama gidan sauro da gansakuka.

Masu shagon yadi, takardu, fata, wayoyin hannu, gari ko sukari su ƙara kula. A bazara danshin da na'urar ke ƙarawa ba ya taruwa muddin iska na wucewa. Da damina kuwa yakan sauka a kan kaya, ya jawo fumfuna da tsatsa, gari ya dunƙule.

Randa cikin randa

Randa ba ta kai eya kula kusantar iyakar sanyin ba, domin ba ta da fanka, kuma zafi na shigar mata ta ƙasa da ta baki. Shi ya sa wurin da aka girke ta yake da tasiri. Tana son inuwa, da wurin da iska ke wucewa, da murfi. Randar da aka kai lungun da iska ba ta motsi takan lulluɓe kanta da danshinta, sanyinta ya ragu. Wadda aka shafa wa fenti ko siminti don kwalliya ko don hana yoyo an toshe mata ƙofofin da take aiki da su. Tsohuwar randa ma takan rage sanyi idan gishirin ruwa da datti suka cike ƙofofin, dalilin da ya sa ake cewa sabuwa ta fi sanyi. Masu naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara suna ara wa roba abin da yumɓu ke yi da kansa.

A shekarun 1990, wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wata dabara da ta kai wannan hikima ga adana kayan lambu. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana nasowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, ta cikin na yin sanyi. Ana ƙara wa yashin ruwa kamar sau biyu a rana. Rahotannin aikin sun nuna cewa gauta da kan lalace cikin kwana uku ya kai kwana 27, tumatir da barkono kuma sun kai mako uku. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, dabarar kuma ta bazu har Sudan, inda ake kiran irin wannan tukunya zir.

Nasarar ta zo ne domin dabarar ta dace da wurinta da lokacinta: kayan lambun noman rani suna yawaita ne daidai lokacin da iskar Arewa ta fi bushewa. Da damina tukunyar ba ta ba da sanyin kirki, danshin da ke ciki kuma na iya gaggauta ruɓewa. Ko a ranar da ta fi dacewa, iyakarta wajen digiri 20 ne, alhali firji na aiki a wajen digiri huɗu. Saboda haka ba wurin ajiye ɗanyen nama ko kifi ba ce, haka nan albasa, tafarnuwa da hatsi, waɗanda bushewa suke so.

Kafin a saya ko a kunna

Wanda ba shi da ma'aunin zafi biyu zai iya duba adadin danshi a manhajar yanayi ta wayarsa. Idan yana ƙasa da kashi 30, eya kula za ta yi aiki sosai, kuma da wutar da galibi ba ta kai wat 200 ba, abin da ƙaramin janareta ko sola za su ɗauka. Tsakanin kashi 30 da 50 za ta rage zafi gwargwado. Idan ya haura 60, fanka ta wadatar.

Sai dai a duba adadin a sa'ar da za a yi amfani da na'urar, domin yana sauyawa cikin yini ko da yawan tururin bai sauya ba. Iska mai giram 15 a kowane akwati danshinta ya kusan kashi 90 ne da asuba in zafi digiri 20 ne, amma da azahar in ya kai 40 sai ya koma wajen kashi 30. Wannan ne ya sa a ƙarshen bazara na'urar kan yi aiki da rana a ofis ko shago, ta kasa da dare a ɗakin kwana. A Kano, Katsina, Sakkwato da Maiduguri, lokacinta na gaske daga Fabrairu ne zuwa farkon Mayu, sai kuma zafin kaka na ƙarshen Oktoba bayan iskar teku ta janye. A Abuja da abin da ya yi kudu da ita lokacin ya fi gajarta, kuma da wannan ya kamata mai saye ya auna kuɗinsa.